Babi na Tara: Takardar Sallama Idan Kamfani Ya Rufe Sashe

Ranar 31 ga Maris 2021 aka daina haƙar yuraniyom a mahaƙar Kominak da ke Akokan, kusa da Arlit, bayan an shafe shekaru ana aiki tun daga 1978. Ma'aikatan kamfanin wajen 600 ne suka rasa aiki. Amma ranar ba ta zo masu da bazata ba, domin tun watan Oktoba na 2019 aka sanar da ita. Sun samu kusan shekara ɗaya da rabi suna zama da shugabanni, ana ja-in-ja kan kuɗin sallama da kula da lafiyarsu bayan rufewa. Ɗaruruwan da ke aiki a mahaƙar ƙarƙashin ƴan kwangila kuwa, da suka tashi neman nasu, sai aka tuna masu cewa a takarda ba Kominak ce ta ɗauke su ba. Rami ɗaya suke shiga, ƙura ɗaya suke shaƙa, amma abin da aka rubuta ya raba su.

A lokacin Kominak babban kamfani ne, yana da sandika mai ƙarfi, idon gwamnati da na ƴan jarida duk suna kansa. Sallamar da ta fi yawa a Nijar ba irin wannan ba ce. Ita ce ta kamfani matsakaici a Maraɗi da ya ga motocinsa sun fi cin kuɗi fiye da haya, ya rufe sashen sufuri. Ko foroje da kuɗinsa suka ragu ya rufe reshensa na Mayahi ko na Tasawa. Mutum bakwai, mutum goma, babu wanda zai ji a rediyo. A karkara irin ta El Allassane Maïreyrey, cikin gundumar Mayahi, inda abincin gida ya dogara ga gero da wake na damina guda, mai albashin wata ɗaya tak yana iya zama shi ke cike giɓin rumbun gidaje biyu ko uku idan bazara ta yi nisa. Takardar da aka miƙa masa a biro ba shi kaɗai ta shafa ba.

Takardar sallama ta kirki tana amsa tambaya uku: don me ni, nawa ne haƙƙina, wace rana ce ta ƙarshe. Kuma ba amsawa kawai ba, ta amsa yadda ma'aikaci zai iya ɗaukar alƙalami ya sake lissafin da kansa ya ga ya fito daidai. Wadda ba a iya bin lissafinta, ko da kalamanta sun kai zuma daɗi, a yi mata kallon tuhuma.

Abin da ke gaban takarda

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ware sallamar da ake yi saboda matsin tattalin arziki, ko sauyin na'urori, ko sake tsarin kamfani, ta ba ta hanyarta daban, daga sashe na 80 zuwa gaba. Rufe sashe a nan ya faɗo. Ma'aikaci bai yi laifi ba, kujerarsa ce aka ɗauke. Saboda haka doka ba ta bar maigida ya tashi da safe ya rubuta takarda ba. Sai ya fara kiran wakilan ma'aikata zama, ya sanar da sufeton ƙwadago, wanda shi ma yake halartar zaman. Aƙalla kwana 15 kafin ranar, sai ya aika masu bayani a rubuce: dalilin sallamar, mutum nawa za ta shafa, masu wane irin aiki, da ma'aunin da aka bi wajen zaɓe. A zaman ana duba ko akwai wata mafita, kamar mayar da mutum wani sashe ko rage awoyin aiki. A ƙarshe a rubuta abin da aka tattauna, a sa hannu.

Ke nan takardar sallama wutsiya ce, ba kai ba. Abu na farko da mai karatu zai nema a cikinta shi ne ranar da aka yi wancan zama. Idan ba ta ambaci zama ba, ba ta ambaci sufeto ba, to ko dai marubucin ya yi sakaci ko kuma ba a yi zaman ba sam. Tambaya ɗaya ga wakilin ma'aikata ta isa ta bayyana gaskiya. Sallamar da ta tsallake wannan mataki tana da rauni a gaban kotun ƙwadago, kuma idan aka kai can, maigida ne zai kawo hujjar cewa dalilinsa na gaskiya ne.

Don me ni?

Mu ɗauki misali, mu bi shi har ƙarshe. Kamfani ne a Maraɗi mai sayen wake da riɗi daga kasuwannin ƙauye. Yana da direbobi shida: huɗu a sashen sufuri masu jan manyan motoci, biyu a ofis masu tuƙa ƙananan motocin shugabanni da zuwa aike. Ya yanke shawarar sayar da manyan motocin, ya koma haya. Ɗaya daga cikin direbobin mutumin El Allassane Maïreyrey ne, ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2012, yana da mata da ƴaƴa biyar.

Takardar da aka saba rubutawa takan ce: «Saboda rufe sashen sufuri, kamfani na baƙin cikin sanar da kai cewa aikinka ya ƙare.» Wannan ta faɗi dalilin rufe kujera, ba ta faɗi dalilin zaɓen mutum ba, kuma a nan yawancin rigima take. Kamfani zai rage direbobi daga shida zuwa biyu. Su wa za su rage? Doka ta ba da ma'auni: a duba ƙwarewa da iya aiki, sannan a duba daɗewa a kamfani. A lura, a kamfani aka ce, ba a sashe ba. A ganina, maigidan da ya sallami direban shekara 12 ya bar na shekara biyu, don kawai sunan na biyun yana cikin jerin ofis, yana da bayanin da zai yi. Wataƙila yana da hujja, misali na ofis ɗin yana karatu da rubutu kuma aikin aike na bukatar haka. To ya rubuta hujjar a takarda, a gan ta.

Akwai wani ƙari a ƙidayar daɗewa wanda ma'aikata da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba. Ana ƙara shekara guda ga mai aure, a ƙara shekara guda kan kowane ɗa da ke ƙarƙashin kulawarsa bisa ƙa'idar alawus ɗin iyali. Direbanmu ya yi shekara 12 da rabi. Da aure da ƴaƴa biyar, a ma'aunin zaɓe yana da 18 da rabi. Abokin aikinsa da ya riga shi shiga, mai shekara 14, da mata da ɗa ɗaya, yana da 16. Idan iya aikinsu ɗaya ne kuma kujera ɗaya ta rage, mai shekara 14 ne zai tafi. Wani zai ga rashin adalci a nan, amma manufar a fili take: a rage yawan bakin da sallama za ta bari ba abinci. Wannan ƙarin na zaɓe ne kawai, ba ya shiga lissafin kuɗi.

Sai dai ɗan da ake ƙidayawa shi ne wanda takarda ta sani. Yaron da aka haifa a gida, cikin damina, uba yana kan hanyar Konni da lodin wake, aka yi suna aka yanka rago amma ba a je mairi an yi masa takardar haihuwa ba, ba ya cikin fayil ɗin uban a asusun CNSS. Ranar da ake jera sunaye, mai ƴaƴa biyar sai ya fito da biyu. Shekara uku sun tafi a banza, kuma wani lokaci su ne tazarar da ke tsakanin zama da tafiya. Gyaran wannan ba ranar sallama ake yinsa ba.

Iya aiki shi ne ma'aunin da aka fi fakewa da shi, domin babu sikelin da ke auna shi. Yadda ake gane na gaskiya shi ne a tambayi abin da aka dogara da shi: ajin lasisin tuƙi, takardar shaidar horo, rahoton da shugaban sashe ya rubuta kafin a fara maganar rufewa. Rahoton da aka rubuta mako guda kafin zama ba hujja ba ce. Haka nan idan jerin waɗanda aka zaɓa ya zo daidai da jerin masu yawan magana a taron sandika, ko mace mai ciki ta tsinci kanta a ciki alhali ta fi wasu daɗewa, sufeto zai so ya ji dalili. Wakilin ma'aikata ma dai ba a sallamarsa sai da izinin sufeto, ko da sashensa ne aka rufe.

Waɗanda suka yi ci-rani a Kano ko Kaduna sun san wata ƙa'idar daban. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 20, ta ce wanda ya shigo ƙarshe shi ke fara fita, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana. Ba ta ƙidaya iyali, kuma ba ta yanka adadin kuɗi ba, ta dai ce maigida ya yi iya ƙoƙarinsa a sasanta. Ma'aikatan masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta tsaya a 2002, sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa sun rasu ba su gani ba. A Nijar aƙalla akwai adadi a rubuce, kuma shi za mu duba yanzu.

Nawa ne haƙƙina?

Kuɗin sallama ba dunƙule ɗaya ba ne, kuma takardar da ta kawo jimla ɗaya ba tare da rarrabewa ba ta ɓoye abin da ya kamata ta nuna. Babban kaso shi ne diyyar sallama, wadda ma'auninta ya samo asali daga yarjejeniyar gama-gari ta sana'o'i ta ranar 15 ga Disamba 1972. Sai wanda ya cika shekara guda yana aiki yake samunta. Ana ɗaukar matsakaicin abin da mutum ya samu a wata cikin watanni 12 na ƙarshe, a ba shi kashi 20 cikin ɗari na wannan kan kowace shekara a shekaru biyar na farko, kashi 30 daga ta shida zuwa ta goma, kashi 35 kan abin da ya haura goma. Guntun shekara ma ana lissafa shi.

Mu ce tushen albashin direbanmu jika 90 ne, amma da alawus ɗin daɗewa da sauran ƙarin da yake samu kowane wata, matsakaicinsa jika 120. An tsayar da ƙidaya ranar 30 ga Satumba 2024, wato shekara 12 da rabi cif. Shekaru biyar na farko, jika 24 sau biyar, jika 120. Biyar na biyu, jika 36 sau biyar, jika 180. Sauran shekara biyu da rabi, jika 42 kowace shekara, jika 105. Diyyarsa jika 405.

Yanzu ga inda ake yawan zamba, ko kuskure idan muka kyautata zato. Mai lissafin kamfani ya ɗauki tushen albashi, jika 90, maimakon jika 120. Duk sauran lissafin ya tafi daidai, kaso-kaso, babu wanda zai ce an yi coge. Amma diyya ta sauko ƙasa da jika 304, sama da jika 100 sun ɓace a layin farko. Shi ya sa takarda ta kirki take rubuta adadin da aka ɗora lissafi a kai, shi ya sa kuma ma'aikaci ke adana takardun biyan albashinsa na watanni 12 na ƙarshe. Abin da ba ya shiga shi ne kuɗin da aka mayar masa na ɗawainiyar tafiya, kamar na abinci da kwana a hanya, tun da wannan ba albashi ba ne. Direba ya san da wannan tun wuri, don kada ya sa rai ga abin da ba nasa ba.

Kuskure na biyu shi ne a fara ƙidaya daga ranar da aka sa hannu kan kwantiragi na dindindin, a manta da shekara biyu da mutum ya yi ana sabunta masa na wata shida-shida ba tare da ya taɓa barin motar ba. Ranar da aka fara zuba masa kuɗi a CNSS shaida ce mai ƙarfi a nan.

Bayan diyya, doka ta ƙara wa wanda aka sallama ta wannan hanya kuɗi na musamman, daidai da albashin wata guda kafin a cire komai, kuma ba a cire masa haraji. Wannan shi ne layin da ya fi ɓacewa daga takardu, domin babu shi a sallama ta yau da kullum, kuma mai lissafin da ya kwafi tsohuwar takarda ba zai tuna da shi ba. Ga direbanmu jika 120 ne. Sannan akwai hutun da ya tara bai ci ba. Ana tara kwana biyu da rabi kowane wata; idan wata takwas ke nan da dawowarsa daga hutu, yana bin kwana 20, kusan jika 80. A haɗa da jika 120 na watan wa'adi, abin da zai gani a takarda ya kai jika 725, kowane kaso a layinsa, tare da abin da aka cire na haraji ko na bashin da ya ci a kamfani. Bashin ma a rubuta ranar da aka ba shi da abin da ya riga ya biya.

Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta ajiye. Zaman da ake yi da wakilai yana iya ƙarawa a kai, kamar yadda aka yi a Kominak, amma ba ya ragewa. Duk ƙarin da aka amince da shi a zama ya shiga takardar kowane mutum. Alkawarin baki na «za mu duba ku bayan salla» ba ya zuwa kotu.

Ranar ƙarshe

Mutane sukan ɗauka rana ɗaya ce, alhali uku ce: ranar da takarda ta shiga hannun ma'aikaci, ranar da zai daina zuwa aiki, da ranar da kwantiragi ya ƙare. Wa'adin sallama yana fara tafiya ne daga ta farko, ba daga kwanan watan da sakatare ya buga a saman takarda ba. Ga mai albashin wata, wa'adin wata guda ne. Ga wanda ake biya da awa ko da yini, kwana takwas. Ga manyan ma'aikata, wata uku. Idan an buga takarda ranar 12 ga Agusta, ta kwanta a aljihun tebur har direba ya dawo daga tafiya aka miƙa masa ranar 30, to daga 30 ake ƙirga. Don haka lokacin sa hannun karɓa, ya rubuta kwanan watan ranar da hannunsa, ko ya sa a rubuta a gabansa, ya kuma tafi da kwafinsa.

Maigida yana da zaɓi biyu. Ko direba ya ci gaba da aiki har 30 ga Satumba a biya shi albashinsa, a kuma ba shi lokacin fita neman wani aiki ba tare da an yanke masa ba, ko kuma a ce ya ajiye makulli tun ranar 30 ga Agusta, tun da an riga an sayar da motar, a biya shi watan duka. Abin da ba ya halatta shi ne a haɗa biyun ta gefen da ya fi wa kamfani daɗi: ka zauna gida, kuma babu kuɗin wa'adi. Akwai kuma tarkon da ma'aikaci ke faɗawa da ƙafarsa. An ce masa da baki ya huta, ya tattara ya tafi ƙauye domin lokacin girbin gero ne, bayan mako biyu a rubuta cewa ya gudu daga aiki cikin wa'adi. Idan an yafe masa zuwa, jumla ɗaya a takarda ta isa: «An ɗauke maka zuwa aiki daga ranar 30 ga Agusta 2024, za a biya ka wa'adinka cikakke.» Idan babu jumlar, ya ce, «Ranka ya daɗe, a rubuta mini,» ya tsaya har a rubuta.

Takarda ta kuma faɗi ranar da aka tsayar da ƙidayar shekaru. Ga direbanmu bambancin wata ɗaya jika uku da rabi ne, ba wani abu ba. Ga yaron mota da ya yi wata 11 da ƴan kwanaki, bambancin shi ne ko ya cika shekara ya samu diyya ko ya tafi babu.

A ranar ƙarshen ake ba shi takardar shaidar aiki, mai ɗauke da ranar shiga, ranar fita da irin aikin da ya yi, ba tare da wata kalmar suka ba. Kafin wannan rana yana da kyau ya leƙa ofishin CNSS ya tabbatar an zuba masa kuɗin dukan shekarunsa, domin kamfanin da ke rufe sashe yau yana iya rufe ƙofa gaba ɗaya baɗi, kuma giɓin da aka bari sai ranar fansho yake fitowa. Akan kuma miƙo masa wata takarda ya sa hannu cewa ya karɓi dukan haƙƙinsa. Da yawa suna jin cewa da zarar sun dangwala, magana ta mutu. Ba ta mutu ba. Irin wannan jumla ba ta hana ma'aikaci bin abin da aka rage masa, ta hanyar sufeto da farko, wanda ke ƙoƙarin sasantawa, sannan kotu idan sulhu ya ƙi. Amma kada ya yi jinkiri, bin haƙƙi yana da wa'adi.

Saura abu ɗaya da ya kamata ya fito a sakin layi na ƙarshe, kuma da wuya ya fito. Wanda aka sallama ta wannan hanya yana da fifiko na shekara biyu idan kamfani ya tashi ɗaukar mai irin aikinsa. Haya ta yi tsada, kamfani ya sake sayen mota bayan wata goma, to direbanmu ake fara nema kafin ɗan ƙanen manaja. Fifikon ba ya aiki idan ba a san inda mutum yake ba. Wanda zai koma El Allassane Maïreyrey ya bar adireshi a rubuce, da lambar wayarsa da ta wani ɗan'uwa a Mayahi ko Maraɗi, ya kuma sanar idan ya sauya. Sannan idan ya ga an ɗauki sabon direba wata biyu bayan an ce an rufe sashe, wannan ma shaida ce cewa rufewar ta baki ce.

Takardun nan da Faransanci ake rubuta su, direbobi da masu gadi da leburorin mangaza kuwa da yawansu ba su karanta shi. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Masu kamfani da masu kula da ma'aikata, ba zai rage ku da komai ba ku zaunar da mutum, a gaban wakilinsa, ku karanta masa takardar da Hausa layi bayan layi, ku ba shi kwana biyu ya kai wa wanda ya amince da shi ya sake lissafin kafin ya sa hannu.